Barcin rana mai kayar da mutum duk da ya samu cikakken barcin dare: gajiya ce ko narkolefsi?

Hajara:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya game da ƙanena, wanda shekarunsa 19 kuma yana karatu. Yana kwanciya wajen ƙarfe 10 na dare ya tashi ƙarfe 6 na safe, amma kusan shekara biyu ke nan barci yana kayar da shi da rana ba tare da ya so ba. Yakan yi barci a aji, yakan yi ana cikin hira da shi, kuma na taɓa ganin barci ya ɗauke shi yana tsakiyar cin abinci. Na duba littafinsa na rubutu, sai na ga layi ya fara da kyakkyawan rubutu, sannan haruffan su yi ta karkacewa har su koma zane marar ma'ana, shi kuwa bai ma tuna lokacin da ya yi su ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, idan ya yi barcin minti 15 sai ya farka garau, amma bayan kamar awa biyu barcin ya dawo. An gwada jininsa an ce babu matsala. A gida an fara kiransa malalaci, kuma abin yana cin ransa ƙwarai. Shin wannan gajiya ce kawai, ko akwai abin da ya kamata mu bincika?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hajara. Ni malamin makaranta ne, kuma na daɗe ina ganin ɗalibai masu gyangyaɗi a aji. A mafi yawan waɗanda na bincika, amsar ba ta wuce cewa ba sa samun barcin da suke ikirarin suna samu ba. Yaro yakan shiga ɗaki ƙarfe 10, amma yana riƙe da waya har ƙarfe 1 na dare, iyaye kuwa suna lissafa masa awa takwas. Shawarata ita ce a raba shi da waya da dare na tsawon mako biyu, a tabbatar yana cin abinci yadda ya kamata, sannan a ga abin da zai faru. Ba na son mu yi gaggawar laƙaba wa matashi sunan cuta alhali gajiya ce da rashin tsari.

Alhaji Garba:
'Yata Hajara, Allah ya ba shi lafiya. Wannan bayani ya yi kama da ciwon sammore, wanda ƙudan tsando yake sa wa mutum. Shi ma mai shi yakan yi ta barci da rana. Kada ku yi wasa da shi, domin yana kisa idan ba a yi magani ba.

Dakta Bilkisu:
Ni likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ce, kuma ba zan iya tabbatar da cutar wanda ban duba ba, amma zan iya faɗin yadda muke warware irin wannan ƙorafi.

Alhaji, gaskiya ne sammore yana dagula barci kuma yana da haɗari, sai dai tafiyarsa dabam ce. Ƙwayar cuta ce ke shiga jini bayan cizon ƙudan, takan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kumburin kaluluwa, sannan idan ta kai ga ƙwaƙwalwa mai ita ya riƙa rikicewa yana lalacewa a hankali. Matashin da ya shekara biyu yana zuwa makaranta, ba zazzaɓi, ba rama, kuma hankalinsa kalau idan yana farke, bai yi kama da wannan ba. Duk da haka likita zai tambayi wuraren da ya zauna ko ya ziyarta.

Malam Sani ya faɗi abin da ya fi yawa, domin ƙarancin barci shi ne babban dalilin gyangyaɗin rana, kuma da shi muke fara bincike. Inda na saɓa masa shi ne haɗa gajiya da jin barci wuri guda. Mai gajiya yana jin jikinsa ya mutu, ba ya da kuzarin aiki, amma idan ka ba shi gado da rana sau da yawa zai kwanta idonsa biyu. Mai jin barci na gaske kuwa barcin yake yi, ko da yana iya ƙoƙarinsa ya hana. Ƙarancin jini da damuwa sun fi kawo na farkon. Abin da Hajara ta bayyana, musamman rubutun da ke ci gaba bayan mai shi ya fara barci, na biyun ne.

Hajara, ina da tambayoyi. Idan yana hutu ya samu barcin awa tara ko goma, barcin ranar yana raguwa? Yana minshari, ko an taɓa jin numfashinsa yana ɗaukewa cikin dare? Yana shan wani magani, ko da na mura ko na ƙaiƙayi ne? Yana yin mafarki a cikin gajeren barcin nan na rana? Sai tambaya mafi muhimmanci: idan ya yi dariya sosai, ko aka ba shi mamaki, akwai abin da ke faruwa da jikinsa?

Hajara:
Na gode, Dakta. Malam Sani, mun riga mun gwada raba shi da waya, kuma a lokacin hutu yakan yi barci har ya gaji, amma ranarsa ba ta canja ba. Ba ya minshari, ba ya shan kowane magani. Na tambaye shi batun mafarki, ya ce kusan duk lokacin da ya gyangyaɗa a aji sai ya yi mafarki, wani lokaci ma yana jin muryar malami tana cuɗanya da abin da yake gani.

Tambayarki ta ƙarshe ta girgiza ni, domin ban taɓa haɗa abin da barci ba. Watanni da suka wuce muna zaune ana ba da wani labari mai ban dariya, yana tsaye riƙe da kofi. Yana cikin dariya sai na ga bakinsa ya saki, kansa ya sunkuya, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, kofin ya suɓuce, ya dafa bango ya zame ƙasa a hankali. Bai fi rabin minti ba ya miƙe, kuma ya maimaita mana duk abin da muka faɗa a lokacin. Yanzu ya gaya mini cewa abin yana yawan faruwa a ƙaramin mataki, har ya koyi danne dariyarsa a gaban abokai. Mahaifiyarmu tana tsoron farfaɗiya ce.

Dakta Bilkisu:
Wannan bayanin ya canja lissafi sosai. Abin da kika kwatanta ya yi daidai da katafleksi, sakin tsokoki na ɗan lokaci da motsin rai ke tayarwa, galibi dariya. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi, da wuya ya wuce minti biyu, kuma mai shi yana ji yana gane komai. A nan ya bambanta da farfaɗiyar da mahaifiyarku take tsoro, wadda a babban nau'inta hankali ke gushewa, jiki ya sandare ya yi ta karkarwa, mutum ya farfaɗo a rikice bai san abin da ya faru ba. Ya kuma bambanta da suma, inda ake jin jiri, gani ya dushe, sannan hankali ya ɗauke. Katafleksi na gaske tare da barcin rana mai tsanani kusan babu abin da ke haɗa su sai narkolefsi, cutar ƙwaƙwalwa da ke dagula tsarin barci da farkawa.

Dalilin da ya sa dariya da barci suke da alaƙa shi ne wannan. A barcin mai lafiya, matakin da aka fi yin mafarki a cikinsa yakan zo ne bayan kimanin minti 90 da fara barci, kuma a wannan mataki ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin tsokoki don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki. Akwai wani sinadari mai suna oreksin, wanda wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan a can cikin ƙwaƙwalwa suke samarwa, aikinsa ya riƙe mutum a farke kuma ya hana barcin mafarki kutsowa ba a lokacinsa ba. An gano sinadarin a 1998, kuma a 2000 bincike ya nuna cewa masu narkolefsi mai katafleksi sun rasa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin da ke samar da shi. Ana kyautata zaton garkuwar jiki ce take lalata su bisa kuskure.

Idan oreksin ya yi ƙaranci, sai iyakar da ke tsakanin farke da barci ta zama kamar ƙofar da sakatarta ta lalace, tana buɗewa tana rufewa da kanta. Barci yana kutsowa cikin rana, farkawa tana kutsowa cikin dare, mafarki yana farawa 'yan mintoci bayan rufe ido, sakin tsokar da ya kamata ya tsaya a barcin mafarki kuma yana aukuwa mutum yana tsaye yana dariya. Saboda haka mai narkolefsi ba lallai ne ya fi kowa yawan barci a cikin awa 24 ba, barcin ne ya warwatse. Ki tambaye shi ko yana yawan farkawa cikin dare, ina zaton zai ce miki e.

Nura:
Dakta, bayaninki ya sa na fara zargin kaina. Shekaruna 44, ina barcin awa takwas, amma da rana idan na zauna a taro sai barci ya sace ni. Kuma sau da yawa dannau yana kama ni, in farka in kasa motsi ko magana, ina jin kamar akwai wani a ɗakin. Na karanta cewa wannan alamar narkolefsi ce. Matata tana ƙorafin minsharina, amma wannan tun da daɗewa ne, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Dakta Bilkisu:
Malam Nura, abin da ka ɗauka ba komai ba shi ne ya fi jan hankalina. Dannau yana cikin alamun narkolefsi, amma yana samun mutane masu yawa da ba su da wata cuta, musamman idan barcinsu ya dagule ko sun kwanta rigingine, don haka shi kaɗai ba ya nuna komai. Minshari mai ƙarfi a shekarunka tare da barcin rana ya fi nuna toshewar numfashi cikin barci. Maƙogwaro yana rufewa, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na 'yan daƙiƙoƙi don ya ja numfashi, kuma hakan na iya maimaituwa sau da dama a kowace awa ba tare da ya tuna ko ɗaya ba. Awa takwas ɗin suna nan a agogo, amma barcin a gutsuttsure yake. Ka tambayi uwargida ko tana jin numfashinka yana tsayawa sannan ka yi wani irin shaƙewa, ka lura ko kana tashi da ciwon kai ko bushewar baki, kuma a auna hawan jininka. Wannan matsala ta fi narkolefsi yawa nesa ba kusa ba, maganinta kuma dabam ne.

Malam Sani:
Na karɓi batun dariyar, domin ban taɓa ganin rashin barci ya durƙusar da mutum haka ba. Amma ina da sauran damuwa. Duk alamun nan daga bakin mutum suke fitowa. Idan ɗalibi ya ji wannan bayani, zai iya cewa shi ma yana mafarki a aji. Da me likita zai tabbatar, ba tare da dogaro da labari kawai ba?

Dakta Bilkisu:
Tambaya ce mai kyau, kuma akwai gwaji, amma sai an bi matakansa. Da farko muna so barcin ranar ya kai aƙalla wata uku yana faruwa kusan kullum. Sannan mai shi ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana rubuta lokacin kwanciya da na tashi da duk barcin rana, wani lokaci a ɗaura masa na'ura kamar agogo a hannu da ke auna motsi. A nan ne ake kama irin ɗaliban da Malam Sani ya ambata.

Bayan haka sai ya kwana a ɗakin gwajin barci, an manna masa wayoyi a kai da gefen idanu da haɓa, ana kuma auna numfashi da iskar jini. Wannan daren yana nuna ko akwai toshewar numfashi, kuma yana tabbatar da cewa ya samu barcin aƙalla awa shida. Washegari ake yin gwajin rana: sau biyar, tsakanin kowanne awa biyu, a kwantar da shi a ɗaki mai duhu a ba shi minti 20 ya gwada yin barci. Ana auna abu biyu, saurin da barci ya ɗauke shi, da kuma ko ya shiga barcin mafarki cikin minti 15 da fara barcin.

A ce ƙanen Hajara ya yi barci bayan minti 3 a karo na farko, sai 5, sai 2, sai 6, sai 4. Jimilla minti 20, a raba biyar, matsakaicin ya zama minti 4. Ƙa'ida ita ce matsakaicin ya kasance minti 8 ko ƙasa da haka, don haka ya cika sharaɗi na farko. Idan kuma a biyu ko fiye daga cikin biyar ɗin ya faɗa barcin mafarki da wuri, ya cika na biyu. Wanda ya samu isasshen barci kuma lafiyarsa kalau yakan ɗauki fiye da minti goma, ko ma ya kasa barcin a wasu karon, kuma da wuya ya shiga matakin mafarki. Ba a iya ƙirƙirar wannan da gangan, tunda daga igiyoyin ƙwaƙwalwa ake karanta shi.

Sai dai gwajin yana iya yaudara. Wanda ya tara bashin barci, ko mai aikin dare, zai iya ba da sakamako irin na narkolefsi alhali ba shi da ita. Magungunan damuwa da yawa suna danne barcin mafarki, sai su ɓoye cutar, kuma idan aka daina su kwatsam dab da gwaji sai barcin mafarkin ya dawo da ƙarfi ya ba da sakamakon ƙarya. Shi ya sa ake tsara dakatar da su kimanin mako biyu kafin gwaji, a ƙarƙashin kulawar likitan da ya rubuta su. Inda aka rasa tabbas, ana iya ɗibar ruwan laka a auna oreksin kai tsaye, ko da yake ba ko'ina ake yin wannan ba.

Maryam:
Ni ina da wannan cuta, kuma ta fara mini ne tun ina makarantar sakandare, amma sai da na yi aure na haihu kafin a gane ta. A tsakani an ce mini lalaci ne, an ce damuwa ce, har maganin farfaɗiya an ba ni na sha ba tare da wani amfani ba. 'Yar'uwa Hajara, abin da nake so ki gaya wa mutanen gidanku shi ne, barcin nan ba a jure shi da ƙarfin hali. Nakan tsunkuli hannuna har ya yi ja don kada in yi barci a gaban mutane, amma barcin ya ɗauke ni ina tsunkulin. Abin da ya fi taimaka mini bayan magani shi ne tsara gajeren barci na minti 15 zuwa 20 sau biyu a rana, tun kafin ya zo da kansa. Da wannan nake samun sa'o'in da zan yi aiki hankalina a tare. Maganin bai mayar da ni kamar kowa ba, kuma ina so ku san haka tun yanzu.

Dakta Bilkisu:
Na gode, Malama Maryam. Jinkirin da kika fuskanta ba baƙon abu ba ne, domin mutane da yawa sukan kai shekara goma kafin a gano cutar, duk da cewa an bayyana ta tun 1880 kuma tana samun kimanin mutum ɗaya cikin 2,000. Maganarki kan magani ma haka take. Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, don haka alamun ake sarrafawa. Akwai magungunan da ke riƙe mutum a farke, irin su modafinil da fitolisan, akwai sodiyam oksibet da ake sha da dare wanda ke rage katafleksi ya kuma gyara barci, wasu magungunan damuwa irin su benlafaksin ma suna rage katafleksi. Mata su sani cewa modafinil yana rage ƙarfin ƙwayoyin tsarin iyali. Ina roƙon kada kowa ya sayi maganin hana barci da kansa, domin idan toshewar numfashi ce ke damunsa zai rufe alamar ne kawai, cutar tana ci gaba da aikinta.

Gajeren barcin da ke wartsakar da ke shi ma alama ce mai amfani. Akwai wata cutar yawan barci da ba a san musabbabinta ba, wadda masu ita sukan yi dogon barci su tashi da nauyin kai kamar ba su kwanta ba, ga wahalar farkawa da safe.

Malam Sani:
To idan babu batun dariyar nan fa, Dakta? Ɗalibin da ke barci kawai, kuma gwajin rana ya nuna abin da kika faɗa, shi ma narkolefsi ke nan? Ina ganin a nan za a iya yin kuskure, tunda kin ce bashin barci yana kwaikwayon sakamakon.

Dakta Bilkisu:
A nan damuwarka tana da tushe, kuma likitocin barci kansu ba su gama daidaitawa a kai ba. Narkolefsi marar katafleksi ita ake kira nau'i na biyu, kuma a mafi yawan masu ita oreksin yana nan daidai. Idan aka maimaita musu gwajin rana bayan wani lokaci, sau da yawa sakamakon yakan canja, har wanda aka ce yana da nau'i na biyu ya koma rukunin waccan cutar yawan barcin, ko akasin haka. Wasu kaɗan kuma katafleksi yakan bayyana musu daga baya. Ni a irin wannan hali ba na gaggawar yanke hukunci, nakan sake duba tsarin barcin mutum kafin in ɗora shi kan magani na tsawon rai.

Hajara:
Na tambaye shi, ya ce yana farkawa sau da yawa cikin dare, amma bai taɓa faɗa ba saboda yana zaton kowa haka yake. Za mu nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Kafin nan, ya fara koyon tuƙi, kuma yana matuƙar son abin. Mu hana shi ne?

Dakta Bilkisu:
E, ya dakata da tuƙi har sai an duba shi, haka ma iyo shi kaɗai da hawa wuri mai tsayi. Wannan ba yana nufin har abada ba, domin wasu masu narkolefsi suna tuƙi bayan magani ya daidaita su, gwargwadon shawarar likitansu da dokar ƙasar da suke. Ku fara rubuta lokutan barcinsa daga yau, kuma idan sakin jikin nan ya sake faruwa a gabanki, ki tabbatar ba zai bugu da wani abu ba, sannan ki ɗauki bidiyonsa da izininsa, ki kama fuska da wuya da gwiwoyi. Katafleksi ba ya cika faruwa a ɗakin likita, kuma bidiyon rabin minti zai taimaka wajen raba shi da farfaɗiya fiye da dogon bayani.

Nura:
Na tambayi uwargida kamar yadda kika ce. Ta ce numfashina yana tsayawa har takan taɓa ni don in motsa, kuma ta daɗe tana jin tsoron abin. Shin gwajin kwana ɗaya ɗin nan zai wadatar a nawa, ko ni ma sai na yi na rana?

Dakta Bilkisu:
Na daren za a fara yi maka, kuma sau da yawa shi kaɗai yake ba da amsa. Idan ya nuna toshewar numfashi, ita za a yi wa magani tukuna. Sai idan numfashin ya gyaru amma barcin rana bai tafi ba, sannan a yi maganar gwajin rana.